Katakon majen surukina

Ni kafinta ne, rufi ne sana'ata, kuma a unguwarmu a Kontagora an san ni da faɗa a kan katako. Idan mai gida ya sayo ɗanye, ko mai yawan farin gefe, a gaban jama'a nake ce masa ya mayar, ni ba na ɗora wa gara abinci a kan mutane. Bakina ba ya da linzami a wannan fannin, har 'yan kasuwar katako suna tsokanata da cewa a kawo kujera, alƙali ya iso.

Shekarar da na gina wa matata ɗaki a filina, gini ya kai linta, saura rufi, sai ga mahaifinta a bayan wata a-kori-kura daga ƙauyensu na wajen Beri, zaune a kan tulin katako. Manomi ne, Bakambare, dattijo marar yawan magana. Wata babbar bishiyar maje da ke gonarsa tun zamanin mahaifinsa ya sa aka kayar, mai inji ya tsaga masa ita.

"Na ji ka kai rufi," ya ce. "Ga nawa. Yarinya ta kwana a ƙarƙashin itacen gidansu."

Na durƙusa na yi godiya. Da na kama guda zan sauke, nauyinsa kaɗai ya gaya mini komai. Ɗanye ne shar, sanyin ruwansa har a tafin hannuna, kuma fiye da rabinsa farin gefe ne, jan tsakiyar kaɗan. Maje kuwa ba kawo ba ne, ba ƙirya ba. Ko busasshe ne gara ba ta jin nauyinsa. Abin da ya kamata na san shi sarai: a jera shi a inuwa, a ɗaga shi daga ƙasa, a sa 'yan sanduna tsakanin layi da layi iska ta ratsa har ya bushe, sannan a shayar da shi baƙin maganin gara, kowace fuska da kowane bakin da zarto ya yanka, kafin ya hau gini.

Amma Baba ya ce ba zai koma ba sai ya ga kwano a sama, kuma shuka na jiransa. Ya shimfiɗa tabarma gindin mangwaro, fuskarsa ga ginin. Galan ɗin magani yana cikin shagona. Na je na ɗauko shi, na zo har ƙofar gida, na hango shi yana shafa wani katako da hannu, sai na tsaya. Yaya zan tsaya gaban surukina in baƙanta kyautarsa da abu mai wari, kamar ina cewa abin da ya kawo cuta ne? Mutumin da ban taɓa cin abinci a gabansa ba, ban taɓa kallon tsakiyar idonsa ba. Na mayar da galan.

Matata ta lura. "Ba ka shafa ba," ta ce a hankali.

"Zan shafa in ya tafi."

Haka na ɗora shi fari tas. Duk abin da na iya ban da maganin, na yi. Na shimfiɗa leda mai kauri tsakanin bulo da katakon da ke kwance a kan bango, don kada ya sha danshi. Na fitar da bakin kwano sosai yadda ruwa zai zuba nesa da gini. Na buga ƙusa a kan tudun kwano, ba cikin kwarinsa ba. Na bar ramukan iska, na kwashe guntayen katako duka don kada su kira gara. Baba ya ɗaga kai ya duba, ya sa albarka, ya tafi.

Da ya tafi na hau da buroshi, amma ni kaina na san wasa nake. Buroshi ba ya shiga inda katako ya haɗu da katako, ba ya shiga ƙarƙashin wanda ke kan bango, kuma ɗanyen itace ba ya shan magani, a fata yake tsayawa. Na rufe da silin, na daina dubawa, don ba na son abin da zan gani.

Katakon ya bushe a sama, ya murɗe, ƙusoshi suka saki, ruwa ya fara ɗiga a kusurwa guda. Gara ta bi wata tsaga a bayan filasta, inda ba a ganin hanyar ƙasar da take ginawa, ta hau. Damina ta zo ta wuce, wata ta zo ta wuce. Ni ina can gidajen mutane ina yi musu faɗa.

Wata ranar Juma'a da hantsi, matata ta ɗauki jaririyarmu daga gado za ta yi mata wanka. Ko tsakar gida ba ta kai ba fallen silin ya ɓalle da guntun katakon rufi, suka faɗo a kan katifar, da jar ƙasa da gara fari fat. Aka kira ni daga wurin aiki. Na ɗauki guntun, na matsa da yatsa, ya burme kamar burodi. Matata ta ƙi sauke yarinyar daga bayanta har yamma.

Labari ya kai Beri. Washegari Baba ya iso, maƙwabta sun cika gidan, har da biyu daga cikin 'yan kasuwar katako, waɗanda na tabbata ba jaje kaɗai ya kawo su ba. Ɗayansu ya juya guntun a hannu ya ce, "Ikon Allah. A gidan alƙali?"

Na so ƙasa ta tsage. Kafin in buɗe baki Baba ya ce, "Itacena ne. Ni na kawo, ni na matsa masa. Yaron ba shi da laifi."

Da aka watse ya kira ni gindin mangwaro. Ban ɗaga kai ba, shi ma bai dube ni ba.

"Na ga ka ɗauko galan ran nan," ya ce. "Na ga ka mayar. Mu ma a ƙauye ba ma sa maje haka, ko a rumbu. Na ce a raina, shi ne kafinta, wataƙila akwai abin da ya sani. Kuma mijin 'yata ne, yaya zan koya masa aikinsa?" Sannan ya ce, "Da ka faɗa, da na jira. Shuka ba ta fi jikata ba."

Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Na kware rufin gaba ɗaya, na ƙone abin da gara ta taɓa, na buɗe tsagar na zuba magani har gindin bango na toshe. Na sa busasshen maɗaci, na shayar da shi magani sai da ya ƙi sha, na bar ƙofa a silin don in riƙa leƙawa.

Da kaka Baba ya zo da buhun dawa, kamar yadda ya saba kowace shekara. A da ajiyewa yake a zaure ya wuce ciki. Wannan karon ya tsaya a ƙofar gida, ya kwance bakin buhun da kansa, ya ja baya.

"Sa hannu ka duba tukuna," ya ce. "In ba ta yi ba, ka faɗa mini."

Na ce, "Haba Baba." Bai motsa ba. Dole na durƙusa na tura hannuna cikin dawar, yana tsaye yana jira.