Cizon Kare a Watan Azumi

Ina aiki a wani ƙaramin ofishin rarraba saƙo a nan Garwa. Motocin Maruwa da na Kuseri su sauke mana kaya, masu moto, wato babur, su kai wa mutane gida-gida. Ni ce sakatare. Da na gama lise, wato sakandare, ban samu ci gaba ba, Alhaji mai ofishin ya ɗauke ni don ina rubuta Faransanci, ya damƙa mini waya da rajista da akwatin magani. Duk wanda ya faɗi da moto ko ya ƙone ƙafa a salansa, ni nake rubutawa. Ban taɓa rubuta abin da ya wuce ƙujewa da ƙuna ba sai a azumin da ya gabata.

Babban cikin masu motonmu shi ne wanda kowa yake kira Baba. Ya haura hamsin, siriri, ga tsokana. Ni kuwa Madmazel yake ce mini, don ya san ba na so.

Da hantsi ya shigo ran nan, ya naɗe hannun dama da gefen riga, yana dariya.

"Madmazel, ɗauko bironki. Yau na samo miki labari."

Ya kai kwali wani gida mai ƙofar ƙarfe. Yana miƙa wa maigadi, sai kare ya fito ta ƙarƙashin mota, ko haushi bai yi ba, ya cafke shi tsakanin babban yatsa da manuni. Da na warware rigar na ga ramuka biyu masu zurfi, gefensu da ƙasa.

"Baba, wannan ƙasar fa?"

"Tsarki na yi. Ruwa sau bakwai, ɗaya da ƙasa. Ko so kike in yi salla da yawun kare?"

An taɓa koya mana taimakon gaggawa, abin da ya zauna mini shi ne cizon kare ruwa da sabulu yake so, kuma a daɗe ana yi. Na ja shi bakin famfo, na sa sabulu ina wankewa ruwa yana zuba, ina duba agogon waya har minti goma sha biyar suka cika. Yana ta mita wai zan ƙarar wa Alhaji da ruwa. Na zuba aidin, na rufe da bandeji sako-sako.

Kafin mu fita na rubuta abin da ya faɗa: lokaci, unguwa da gidan, launin karen, inda ya ciza, cewa fata ta huje kuma jini ya fita, abin da ya yi da abin da na yi, da maigadin a matsayin shaida. Akwai gurbin da ake tambaya ko karen yana da takardar rigakafi. Na bar shi fili.

A asibiti wani nas mai furfura ya karɓe mu. Ya karanta takardata, ya sake wanke ciwon, ya ce ba a ɗinke irin wannan. Ya rubuta allurar tetanus da ƙwayoyin hana ruɓewa, da rigakafin haukan kare. Ya ce akwai wani ruwan magani, serom, da ya kamata a zuba a bakin ciwo mai zurfi haka, amma ba su da shi a lokacin, saboda haka kada a yi wasa da allura ko ɗaya. Ya rubuta ranakun a karne, ɗan littafin asibiti: yau, rana ta uku, ta bakwai, sannan sauran. Ya ce a je a gaya wa mai karen ya ɗaure shi, likitan dabbobi ya riƙa duba shi har mako biyu.

Da Baba ya ga sirinji sai ya miƙe.

"Ni fa ina azumi."

Nas ɗin ya ce da Fillanci wannan ba abinci ba ne, a dantse za a yi. Baba ya ce duk abin da ya shiga jiki ya shiga. Ban san lokacin da na fara kuka ba, a gaban mutane. Ya dube ni, ya zauna, ya naɗe hannun riga.

"To, yi shiru. Na ba ki azumin yau. Ke za ki rama mini?"

Likita ya ba shi takardar shaida da hutun mako biyu, don hannun ba zai riƙe moto ba. Washegari na haɗa ta da rahoton hatsarin aiki, Alhaji ya sa hannu, na kai ofishin inshorar ma'aikata, don kwana uku kawai ake ba mu. Daga can muka wuce gidan da abin ya faru, ni da Alhaji. Matar gidan ta fito tana ba da haƙuri. Ta ce ai sun riga sun ɗaukar wa Baba fansa, maigadi ya kashe karen tun jiya, an jefar da shi a kogi. Tana faɗa tana jiran mu yi godiya. Takardar rigakafi kuwa babu. Maigadin ya raka mu ƙofa, ya rage murya ya ce kwana biyun nan karen ba ya cin abinci, sai cizon itace da takalma.

Na rubuta wannan ma. Na kira nas ɗin na karanta masa. Ya ce, "Ki tabbata ya zo jibi. Ki tabbata."

Ranar allura ta biyu ta faɗo a ashirin ga azumi. Da safe na kira Baba.

"Madmazel, kin ci mini guda, ba za ki ci na biyu ba. Bayan shan ruwa."

Na koma asibiti na roƙi nas ɗin, ya yarda zai bar allurar a firij wurin mai aikin yamma. Na yi buɗe-baki da dabino a kan bencin asibiti ina kallon ƙofa. Baba bai zo ba, wayarsa a kashe. Da gari ya waye na je gidansa. Matarsa, wadda nake kira Inna, ta ce ai tun kafin magariba ya ɗauki tabarma da buta ya shiga itikafi. Shekara da shekaru yana son ya yi goman ƙarshe a masallaci, aiki bai taɓa barinsa ba. Da ya ga takardar hutun likita sai ya ce Allah ne ya aiko masa.

Ni mace, yarinya, ba zan kutsa cikin maza masu itikafi in jawo dattijo ba. Na tsaya a gindin dalbejiya a ƙofar masallacin, Alhaji ya shiga. Da ya fito ya ce liman da kansa ya gaya wa Baba allurar dantse ba ta karya azumi, kuma neman magani lalura ce, ya fita. Baba ya ce ya ji, ya gode, amma ciwon ya kama bushewa, kuma shi bai shiga don ya fito ba. Bayan salla, in Allah ya kai mu.

Na ce, "Alhaji, ku ɗauko shi mana. Ku ce za ku kore shi."

"Ke 'yar nan, mutumin da ya girme ni? A cikin ɗakin Allah?"

Rana ta bakwai ta zo, na rubuta bai zo ba. Na aika masa takarda a cikin kwanon sahur ta hannun Inna. Kwanon ya dawo a wanke. Ranar salla na je gaishe shi, ya nuna mini hannun, tabo biyu kamar na ƙuraje.

"Kin gani? Karen ne ya yi asara."

Nas ya riga ya gaya mini ko an makara a zo, a ci gaba daga inda aka tsaya. Na faɗa masa. Ya yi alkawarin zuwa asibiti da zarar ya dawo daga Kolofata, zai je gaida tsohuwarsa ne, kwana uku kacal. Ya yi mako biyu da wani abu. A waya in na ce ya nemi asibiti a can ko a Maruwa, sai ya ce, "Madmazel, layin ba kyau," yana dariya.

Ya dawo da zazzaɓi, yana sosa tabon, wai kamar tururuwa na tafiya a cikin hannun har kafaɗa. Inna ta zaci zazzaɓin sauro ne. Bayan kwana biyu ta kira ni tana kuka, ta ce yana neman ruwa, in ta kawo sai ya ture.

Abin da na gani a asibiti ban iya faɗarsa duka. An sa shi ɗaki shi kaɗai, an rufe taga, don ko iska ta taɓa shi sai wuyansa ya shaƙe. Leɓensa ya bushe. In ya ji ƙarar zuba ruwa a kofi sai jikinsa duka ya ɗauki karkarwa. Tsakanin haka kuma hankalinsa garau. Ya gan ni ta ƙofa ya ce, "'Yata, kin zo?" Bai taɓa kirana haka ba. Na tambayi nas ɗin ko a yi masa sauran alluran yanzu, duka a haɗe. Ya ce in ciwon ya riga ya bayyana allura ba ta da sauran amfani, abin da za su iya shi ne su sa shi barci don kada ya wahala.

Ya rasu ranar Laraba, bayan azahar. Allah ya jiƙansa.

Ni na cika gurbin ƙarshe na rahoton, na haɗa da takardar likita. Sau biyu ina ɓatawa ina sakewa. Har yanzu in na ji ƙarar sarƙa a bayan ƙofar gida sai in ja da baya, kuma duk mai moton da ya shigo ofis hannunsa nake fara kallo.

Nas ya ce a kawo duk wanda yawun Baba ya taɓa masa ciwo ko ido ko baki. Inna ce ta riƙa share masa baki da hannunta, hannun kuwa duk tsagewar wanki. Tana cikin takaba, 'yan uwa suna cewa ba za ta fita ba. Wannan karon Alhaji bai tsaya jin ta bakin kowa ba, ya kawo mota har ƙofar gida. Na zauna kusa da ita a benci, ta lulluɓe har ido. Da aka kira mu ciki, nas yana fasa kwalbar, ta ce da shi a hankali:

"Ɗana, in tambaye ka. Da ya zo ya yi sauran, da yana nan?"

Na yi sauri na ce, "Inna, kwana ne ya ƙare."

"Na san wannan. Shi nake tambaya."

Nas ɗin ya zuƙo maganin a sirinji. Sannan ya ce, "Rai na Allah ne, Inna. Amma waɗanda suke cika alluransu, ban taɓa ganin na rasa ko ɗaya ba."

Ta gyaɗa kai. Ta zaro hannu daga cikin hijabi ta miƙa masa dantse, ta juya fuska wajen bango. Da ya gama ta ce in karanta mata ranar dawowa, in maimaita, don ita ba ta karatun boko.