Kwanon Bappa daga Bekaji zuwa Yola

Ƙarfe goma sha biyu saura kwata aka manna takardar a ƙofar gidan abincin. Na san haka don mai rubutun ta sa lokacin a samanta. Ni kuwa a wannan lokaci ina tsaye a bakin titi a Bekaji, riƙe da kular abinci, ina ɗaga wa keke hannu a kunyace, suna wucewa.

Bappa, wan mahaifina wanda ya rene ni, kwanansa tara a asibiti a cikin Yola, huɗu daga ciki bai sa komai a baki ba sai ruwa. Da safen nan Goggo, wadda ke jinyarsa, ta kira ni ta ce ya buɗe ido ya nemi farfesun kifin ragon ruwa na wani gidan abinci a Demsawo, inda yakan ci lokacin yana aikin gwamnati. Ta ce in hanzarta tun ransa na so.

Demsawo, 12:05

Minti goma sha biyar keke ya yi da ni. Gidan ɗaki ne mai tebur shida, da tagar kicin a can ciki. A ƙofa, kan farin kwali, an rubuta da alƙalamin maka:

"Masu cinikinmu, ku yi haƙuri. Farfesun ragon ruwa da sakwara sun ƙare. Kogi ya cika, kifi kaɗan aka kawo mana da safe. Mun aika a ƙaro. Tukunya ta biyu za ta sauka ƙarfe 1:30 da yardar Allah. Akwai shinkafa da wake, tuwon masara da miyar kuɓewa, da farfesun kayan ciki. Mun gode da haƙurinku."

Na karanta sau biyu, na kwafe a littafina, don halina ke nan. Mai karɓar kuɗi ta ga ina tsaye ta nuna kwalin da biro, ta ci gaba da amsa waya, duk wanda ya kira maganar ɗaya take maimaita masa. Na ji tana gaya wa wani cewa rabon safe wani ofis ne ya kwashe rabinsa don taron bita, tun jiya suka yi oda. Na lissafa awa ɗaya da minti ashirin da biyar ne a gabana. Na ga gara in gwada wani wuri da in zauna. Na fita da kulata a hannu.

Dubeli, 12:35

Direban keken ya ce ya san wata mai farfesu a Dubeli. Ya ce a watan nan masunta kansu tuwo suke ci da miyar kuka, raga ba ta kama komai idan ruwa ya bazu cikin ciyawa. Wuri uku na shiga. Na farko tarwaɗar kiwo ce, Bappa kuwa ko a lafiya yakan ce warin tanki take yi. Na biyu busasshen kifi. A na uku matar ta yi dariya ta ce ragon ruwan da ya shigo yau, 'yan Demsawo suna can bakin gada suna jiransa tun kwale-kwale bai tsaya ba. Na koma.

Demsawo kuma, 1:25

An soke 1:30 an rubuta 2:45 a gefe, an ƙara layi a ƙasa: "Kifin bai iso ba tukuna. A gafarce mu." Na zauna a kujerar da ke kusa da ƙofa, kula a cinyata. Goggo ta kira ƙarfe biyu saura, ta ce ya tambaya. Na ce mata saura kaɗan.

Biyu da kwata aka shigo da kifin a baho, manya uku kawai. Ta taga nake kallon aikin. Aka wanke su da ruwan zafi, aka yanka, mai gidan da kanta ta tsaya tana ƙirga yanka da bakin wuƙa. Sunanta Madam Rifkatu, mutuniyar wajen Numan, doguwa mai tabon ƙuna a hannu. Romon ya riga ya tafasa da citta da kimba da attarugu, kifin ne kawai ake jira. Wani mai rigar ofis ya ce a ƙara wuta mana, ta ce kifi ba naman sa ba ne, in aka matsa masa ya narke, kunu zai kai wa matarsa. Ta fito ta soke 2:45 da hannunta ta rubuta 3:15.

A kan wani benci gefen taga akwai kuloli a jere, wasu da suna a jikin murfi, wasu an ɗaura musu leda ko zare. Na gan su tun shigowata ta farko. Na ɗauka na gidan ne aka wanke.

Uku da minti ashirin tukunya ta sauka. Mutanen da ban gani ba duk yinin suka fara shigowa daga masallaci, daga shago, daga cikin mota. Madam Rifkatu ta bi bencin daga dama, yanka biyu da ludayi uku a kowace kula. Kafin in gane abin da ake yi, an kai kula ta ƙarshe. Mai karɓar kuɗi ta ɗauko sabon kwali ta fara rubuta cewa farfesu ya ƙare sai gobe.

Na miƙe na je taga. Na ce tun sha biyu nake nan, na buɗe littafina na nuna mata lokutan.

Ta dubi littafin, ta dubi kular, ta ce da irin Hausarta: "Kai, yarinya na, kwano ne yana bin layi a nan, ba mutum ba. Ka zauna shiru kamar baƙon coci, wa zai sani?"

Na ce takardar ba ta faɗi haka ba. Ta ce kowa ya sani, shi ya sa ba a rubutawa. Sai ta tambayi na wane ne. Da na faɗi sunan Bappa ta ajiye ludayin. Ta ce mai cewa a rage masa barkono a ƙara albasa? Ta juya ta roƙi masu kula biyu, ɗaya ya ce nasa ma na marar lafiya ne, ɗaya ya riga ya kai ƙofa. Ta ɗauko kan kifi ɗaya da ta ware wa ma'aikatanta, ta karkata tukunya ta tsiyaye romon da ya rage, ta rufe min da kanta. Ta ce in gaishe shi, in ce Rifkatu ta ce a yi haƙuri.

Hanyar Yola, 3:50

Keken ya tsaya cika fasinja minti goma. A wani shinge aka tsayar da mu duba takardu, minti bakwai. Kular na ƙona min cinya, ban ɗaga ta ba. Na kira Goggo sau biyu, ba ta ɗauka ba.

Yola, 4:40

Na same ta a barandar ɗakin maza, zaune kan tabarma, an ja labulen gadonsa. Ta gefen labulen na hango shi yana barci, da siririyar roba a hancinsa an manne ta da filasta. Na durƙusa na gaishe ta, na tura kular gabanta. Na fara bayanin takarda da layin kwano, ta ɗaga hannu. Can na tambaya ko in ya farka za a iya ba shi ko da romon ne.

Ta dubi murfin, ta ce:

"Tun uku da rabi likita ya hana komai ta baki, bingel am, 'yata. Kafin su sa robar ya ce in kin zo ki ci, kada ya huce."