Ɗan'uwanku a Gona, Manaja

Shekara bakwai na yi ina zama bakin manajanmu. Kamfanin casar shinkafa ne a gefen titin Kura, muna ba manoma iri, mu aika musu injin girbi, su kawo mana shanshera, wato shinkafar da ba a casa ba. Manaja mutumin kirki ne, amma Allah bai ba shi taushin harshe ba. Yana cikin mota zai danna waya ya turo mini murya: "Ka gaya wa mutanen nan su daina kawo mini jiƙaƙƙiyar shinkafa, ni ba kifi nake saye ba." Ni kuma in zauna in wanke maganar, in goge ta, ta fita kamar haka: "Assalamu alaikum, ya aiki, ya ruwa? Muna roƙon a ƙara wa shinkafa kwana biyu a shanya kafin a ɗauko." A rana nakan juya irin waɗannan goma, ran da ransa ya ɓaci kuwa har ashirin.

Wahalar aikin ba a gyara saƙo ɗaya take ba. Wahalar ita ce saƙon Litinin da na Alhamis su fito daga baki ɗaya, alhali mai bakin ran Litinin dariya yake, ran Alhamis yana huci. Sallama ce farko kullum. Ba na rubuta "wajibi ne", sai dai "muna roƙo". Saƙo ɗaya, magana ɗaya, don karanta shi za a yi a ƙofar masallaci ga mutanen da yawancinsu da kunne suke karatu. A ƙarshe kuma in rufe da layi biyu da ba sa canzawa: "Allah Ya sa mu ga amfanin guminmu. Ɗan'uwanku a gona, Manaja." Ni na ƙirƙiro layukan nan. Manaja ya ji sun yi masa daɗi har ya fara faɗarsu a taro, mutane suna cewa ai Manaja akwai iya magana. Ina gefe ina jin daɗi a raina, don ni da shi mun san inda maganar ta fito.

Layukan sun ƙara daraja wata kaka da wani ɗan damfara ya watsa saƙo da sunan kamfani, wai a kai shanshera wani fili a bakin titi. Saƙonmu shugabannin rukunin manoma muke tura wa, su kuma su tura gaba, kafin ya kai ƙauye na uku babu mai sanin lambar da ya fito. Allah Ya taimaka aka gano da wuri. Manaja ya tara shugabannin ya ce musu, duk saƙon da bai zo da irin maganarsa da irin rufewarsa ba, kada ma su ɓata katinsu suna kira, su share shi kawai.

A shekara ta takwas manoma suka ninka, aka ce aiki ya yi mini yawa. Ni dai ban kai ƙara ba. Aka ɗauko wata mata daga Kumbotso, tsohuwar malamar firamare, aka sa mata tebur kusa da nawa, daidai ƙarƙashin fankar da ta fi juyawa. Malama muke ce mata. Yatsunta a kan kwamfuta kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa, ni kuwa da yatsa biyu nake bugu. Da farko wasiƙun 'yan kasuwar birni aka ba ta, ban damu ba. Wata safiya sai na ji muryar Manaja tana tashi daga wayarta, yana faɗa kan buhuna. Muryar nan shekara bakwai wayata kaɗai take sauka. Shayin da ke gabana ma ban shanye ba.

Kishi ne, ba sai na yi masa kwalliya ba. Da a ce ba ta iya aikin ba da na samu sauƙi, amma ta iya, ga ta da ladabi, abin da ya ƙara ƙona mini rai ke nan. Manaja ya shigo ya ce, "Malama, wasiƙar jiya ta yi kyau," ni kuma ya tambaye ni ko an gyara janareta.

Ran da aka ce ta fara taya ni saƙonnin manoma, ta jawo kujera ta ce, "Malam, ka koya mini yadda kake yi. Ina so idan an karanta kada a gane an canza hannu."

"Ai babu wani sirri," na ce. "Ga littafina, ki duba."

Littafin da nake tsara saƙo ne da biro kafin in buga a waya. Komai yana ciki, ban da rufewar. Ban taɓa rubuta ta a littafi ba, yatsana ya haddace ta, sai lokacin turawa nake ƙara ta. Na san da haka lokacin da nake miƙa mata. Ta kwana uku tana nazarinsa, tana ja wa kalmomi layi da jan biro, har ta gano cewa ba na taɓa faɗin kwanan wata ba tare da sunan ranar ba, abin da ni kaina ban san ina yi ba.

Shinkafar rani ta nuna a wani yanki can wajen Bunkure, ga damina ta ƙarato. Injin girbi ba ya shiga gona mai laka, nutsewa yake. Don haka kwana goma kafin ya zo ake sanar da manoma su toshe ruwa, ƙasa ta tsane ta yi ƙarfi. Manaja yana hanyar Kaduna ya turo muryar, kuma wayarta ya tura wa. Ta rubuta, ta miƙo mini.

"Malam, duba mini kafin in tura."

Na karanta. Sallama tana nan, "muna roƙo" yana nan, ga rana ga kwanan wata, magana ɗaya tak. Ya fi wanda zan rubuta tsabta. A ƙasa ta sa abin da take sa wa 'yan kasuwa: "Mun gode. Hukumar gudanarwa." Idona ya tsaya a wurin. Malama ba ta zo ba tukuna lokacin taron da aka yi kan ɗan damfarar nan, ba ta san umarnin da aka ba shugabanni ba. Ni na sani.

"Ya yi," na ce, na miƙa mata wayarta.

A lissafina, wani shugaba zai kira ni ya ce wannan wane irin saƙo ne, in je gaban Manaja in ce ka gani ko, aikin nan ba na kowa ba ne. Rukuni huɗu aka tura wa. Uku sun ga shinkafarsu ta nuna, suka toshe ruwa da hankalin kansu. Na huɗun shugabansu wani dattijo ne mai riƙe magana kamar yadda aka faɗe ta. Ya sa aka karanta masa, ya ji babu ɗan'uwanku a gona, ya ce a share. Bai kira kowa ba, haka aka ce ya yi. Ni kuma da na ji shiru sai na ɗauka sun wuce da shi haka nan, har na ji haushin babu wanda ya lura.

Ranar girbi injin ya shiga gonar farko a rukunin dattijon ya zauna a laka har ciki. Sai da aka nemo tarakta ta jawo shi, ya wuce wani ƙauye inda layi ke jiransa. Kafin ya zagayo, iska da ruwan farko sun kwantar da shinkafar, wadda ta rage a tsaye tsuntsu ya yi ta biki a kanta. Manoman suka bi ta da lauje suka tsira da abin da ya samu. Na je na gani da idona, zangarniya kwance cikin ruwa, wasu ƙwayoyin har sun fara tsiro.

Manaja ya kira mu ofis. Ya ɗaga murya a kan Malama, irin muryar da na saba wankewa, yau babu mai wanke ta. Ta tsaya tana sauraro, idonta ya kawo ruwa. Da ya tambaya ko wani ya duba saƙon, ta ce, "Yallaɓai, ni na rubuta, ni na tura." Ba ta dube ni ba. Na so ta tona ni, ko na samu abin da zan riƙe in ƙi ta da hujja. Na bar ta ta ɗauki laifin ita kaɗai.

Hukuncin da ya yanke shi ne in zauna in rubuta yadda ake saƙonsa, tun daga sallama har rufewa, a manna a bango. Na ɗauka zan cika littafi. Shafi ɗaya ya ɗauke shi duka, har da sauran fili a ƙasa. Malama ta ƙara abu guda da hannunta: kada a tura saƙo sai an ajiye shi kusa da na jiya an karanta su tare da ƙarfi. Ta kuma adana rufewar a wayar ofis, da ta danna sai ta fito ba ragi ba ƙari. Kafin kaka aka mayar da ni wajen sikeli, ina duba danshin shanshera ina tauna ƙwaya, aka ce can ma ana bukatar mai gaskiya.

A can dattijon nan ya same ni bana, ya rako buhunan rukuninsa. Bai san an canza mini aiki tuntuni ba, ya ɗauka taimako na fito yi. Muka gaisa, ya riƙe hannuna bai saki ba.

"Malam, tun da aka kore mana waccan da ta jawo mana asara ka dawo, hankalinmu ya kwanta. Hannunka ba ya ɓuya. Bana ma sai muka ji maganar ta ƙara daɗi, jiya har cewa na yi a maimaita mini."

Ta tagar ofis ina hango Malama, kanta a sunkuye tana bugu. Na buɗe baki in ce masa ba a kori kowa ba, kuma rabona da rubuta saƙo wata takwas. Sai na ji kaina ina cewa, "To Baba, mun gode." Na soka ma'auni a buhunsa, danshi ya yi daidai, na ce a ɗora a sikeli.