Jan Ɗigo a Kan C

Hamani taubashina ne, ɗan kawuna, saboda haka ina da izinin faɗin abin da na ga dama a kansa. Ɗan mahauta ne gaba da baya, a unguwar Gardole aka haife shi, amma ranar da aka fara miƙa masa wuƙa ya ga jini ya zube a sume. Kawu ya ce wannan ba namu ba ne, ya tura shi lakwal, wato makarantar boko. Yau shi ne mai kula da kaya a wani kantin magani kusa da Babbar Kasuwa, ni kuwa ina kan kes ina karɓar kuɗi. Matarsa ta rasu da jimawa, tun daga nan ya auri kwalaye.

Mai kantin, Dokta Ruwaida, ita ta kawo tsarin ABC. Ta ce a ɗauki kowane magani, a ninka farashinsa da yawan da ake fitarwa a shekara, a jera daga babba zuwa ƙarami. Sai ga shi kamar ɗaya cikin goma na magungunan ne ke cinye kusan bakwai cikin goma na jarin, waɗannan su ne A. Masu bi musu B. Sauran tulin kuwa, masu cika kanta ba su cin kuɗi, su ne C. 'Yan A kullum ido na kansu, a ƙirga su kowane mako, a sayo kaɗan-kaɗan akai-akai don kada kuɗi ya kwanta ko kwanan wata ya cim musu. B sai wata-wata. C kuwa a sayo da yawa lokaci guda, a leƙa su jefi-jefi.

Ta ƙara da cewa akwai 'yan C da rai ya rataya a kansu, waɗannan a ware su daban. Amma Hamani ya riga ya cika kunnensa da haruffa uku, bai bar wa wannan wuri ba.

Ya riƙe tsarin nan kamar a Makka aka ba shi. Ya sha mamaki da ya ga farasitamol mai arha ya hau A saboda yawan fita, wata allura mai tsada da ba a nema sai ta kama ta faɗo C, ya yi mako yana ba mutane labari ko sun tambaya ko ba su tambaya ba. Daga nan ya koma kan mutane. Mai shayin ƙofar kanti A ne, don shi ke cinye albashinsa. Ni ya ce C ce, na cika wuri ba na kawo komai. Na ce to ɗan A, Allah ya sa kada kwanan watanka ya wuce kana kan kanta.

Akwai wata bazawara, Juwairiyya, mai sayar da turaren wuta. Duk wata takan shigo kar, motar haya, tun daga unguwar Gassi can ƙarshen gari ta sayi ƙwayar zuciya ta mahaifinta, Malam Abbas, tsohon dillalin shanu. Ƙwayar arha ce, masu nemanta ba yawa, tana can ƙasan C. Amma kullum tsohon yake shan ta, likita kuma ya hana a tsallake. An buɗe kantunan magani a Gassi, duk da haka nan take zuwa, wai hannun Hamani na da albarka. Ni dai na lura ranar zuwanta yakan goge takalmi, kuma nannaɗe kwali ɗaya kan ɗauke shi lokacin da za a dafa shayi a sha. Har darasin ABC ya yi mata, ta zauna ta saurara. Wannan kaɗai ya isa shaida.

Ana nan, sai wani likitan zuciya ya buɗe asibiti a bayanmu, ya riƙa rubuta ƙwayar nan, ta kama ƙarewa a kanta. Da 'yar A ce, da an gani a makon farko. Da yake C ce, ba wanda ya leƙa ta. Juwairiyya ta iso da rana tsaka, ƙura har gira, Hamani ya miƙa hannu inda ya saba, ya shafo katako.

A duniya ba kalmar da ya tsana kamar "ma fi", wato babu da Larabcin gari. Ranar sai da ya faɗe ta.

"Ma fi?" in ji Juwairiyya. "Malam Hamani, ta yau da safe ita ce ta ƙarshe fa."

"Wallahi ban sani ba ta ƙare. Kin san 'yan C ba kowane mako..."

Sai ya haɗiye sauran, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe.

"Ayyo," ta ce a hankali. "Ashe Baba ɗan C ne. Kalas, shi ke nan, na daina ba ka wahala, na nema a unguwarmu."

Ta fita ba ko waiwaye. Na buɗe baki zan yi tsiya, na dubi fuskarsa na fasa. Tausayinsa ya kama ni, abin da ban saba ba.

Dokta ta fito, ba ta yi faɗa ba. Ta ce, "Hamani, ABC kuɗi yake aunawa, bai san ciwo ba. Na faɗa maka tun farko." Ta kira masu kawo mana kaya, suka ce sai jibi. Shi kuwa ya tuɓe farar riga ya hau kilando, babur ɗin haya. Mutumin da ko ɗaurin aure ba ya barin kanti dominsa ya bi kantunan abokan sana'a ɗaya bayan ɗaya har ya samo kwali, ya zarce Gassi yana tambayar gidan dillali. Ya tarar ita ma ta zaga unguwa ba ta samu ba, tana zaune ta yi tagumi. Ya miƙa ƙwayar, ya gaida tsohon, ya juyo.

Washegari shi da Dokta suka bi layin C kaf. Duk maganin da yankewarsa kan taɓa rai suka ɗiga masa jan fenti: ƙwayar zuciya, maganin farfaɗiya, da wasu. Suna nan a C, don kuɗinsu bai ƙaru ba, amma za a ƙirga su tare da 'yan A, a kuma ajiye rara da ba a bari ta yi ƙasa.

Wata ya zagayo. Hamani ya goge takalmi, ba ta zo ba. Washegari ma haka. Ya rame, har mai shayi ya fara zamewa zuwa B. Sai ran nan ga ta, ta tsaya tana kallon jan ɗigon da ke ƙasan kwalin.

"Wannan fa?"

Ya yi bayani, a karon farko a rayuwarsa a taƙaice.

"To ni wane layi nake?"

Na ɗaga masa gira daga kes, ina nufin ka ce A, wawa. Amma Hamani ba ya yi wa lissafi ƙarya.

"C," ya ce. "Abin da kike saya a shekara bai taka kara ya karya ba." Ya sunkuyar da kai yana murza bakin riga. "Amma mai jan ɗigo. In kika yanke, ban san yadda zan yi ba."

Juwairiyya ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, ta ajiye kuɗinta a gabana.

"Tun da ka san hanyar gidan," ta ce, "sai ka je ka faɗa wa Baba."