Ɗan Talata da batirin da ya kumbura

Duk wanda ya zauna Gure a wancan lokaci ya san Ɗan Talata, direban furojen dasa itatuwa da ke tare tudun rairayi kada ya binne garake. Gajere ne, mai faɗin kafaɗa, kuma ba ya tafiya ba guduma a aljihun motarsa. Ɗan garin Gamu ne. Ya fara da kiwon raƙuman kawunsa, ya yi karen mota tsakanin Damagaram da Difa, har ya samu tuƙi. Bai shiga lakkwal ba, bai yi boko ba, amma a ganinsa babu abin da ɗan Adam ya ƙera da bugu ba ya gyarawa. Mota ta ƙi tashi, ya bubbuga kan batiri, ta tashi. Fil ɗin rediyo, wato ɗan batirinsa, ya mutu, ya shanya shi a rana, ya ɗan daddaka shi da dutse, a ji labaran yamma da shi. Abin haushi, sau da yawa yana ci.

Ni ce Habsu, sakatariyar furojen. Daga Damagaram aka turo ni, ban san kowa ba. Shi ya nema mini ɗaki, matarsa Yabawa ta riƙa aiko mini da tuwo, shi kuma kullum da tsokanar da zai yi mini. Ya ce ina buga takarda kamar kaza tana tsince gero. Ina ce masa Baba, kuma ba don ladabi kawai nake faɗa ba.

A shekarar 1997 aka kawo mana ordinatar, wato kwamfuta, ta ɗauka a hannu daga Yamai, baƙa, mai nauyi kamar bulo. Idan muna biro, wato ofis, a jone take da kuran, wutar lantarki, tun safe. Idan za a fita daji, a bayan mota take kwana rana, gilasai a rufe. Ba wanda ya ce mana zafi na cutar da ita. Haka ta yi ta sha har bazarar 1999.

Abin ya fara da kaɗan kaɗan. Da kuran ya ɗauke, maimakon ta ci gaba da aiki, sai ta mutu nan take. Daga baya na lura ba ta zama daidai a kan tebur, in na danna gefe ɗaya sai ta yi rawa. Na ɗauka teburin ne, har na sa mata takarda a ƙasa. Wata safiya na taɓa cikinta na ji zafi kamar murfin tukunya, ga wani ƙamshi mai zaƙi-zaƙi irin na maganin goge jan farce. Na kashe ta, na zare waya, na kifa ta. Batirin ya yi tozo, robar jikinsa ta buɗe a gefe. Na ja makullinsa, ya ɗan cije, sannan ya fito. Na ajiye shi a kan tebur.

Ɗan Talata ya leƙo, ya gani, ya yi dariya.

“Ke Habsu, me kika ba shi ya ci haka? Iska ce ta cika masa ciki.”

“Baba, bar shi. Zan je gidan waya in tambayi Yamai.”

Ya ce to. Irin to ɗin da nake jin yana ce wa shugabanmu kafin ya yi abin da ya ga dama.

Shugaban yana Damagaram taro, biro ba mu da tarho. Na tafi gidan waya na zauna jiran layi, rana tana ta ɗagawa. Da ƙyar na samu Usmanu, mai kula da na'urorin furoje a Yamai. Ina gama bayani na ji muryarsa ta canja.

“Madam, yana ina yanzu?”

“A kan teburina.”

“Kada ki mayar da shi cikin na'ura, kada kowa ya ƙara ba shi caji. Ba irin fil ɗin rediyo ba ne. Ya lalace daga ciki, iskar da ta kumbura shi tana kamawa da wuta. Abin da ya raba ɓangarorinsa a ciki bai kai takarda kauri ba. In aka matse shi, ko aka huda, ko aka bar shi a rana, zai iya yin feshin wuta a hannun mutum kafin ya yar. Kuma hayaƙinsa guba ne.”

Ya ce in sami bokitin ƙarfe da busasshen rairayi, in liƙe bakin ƙarafunan batirin da sikoc, salatif ɗin nan, don kada su taɓa wani ƙarfe, in sa shi ciki a inuwa, waje, nesa da mai da ciyawa, kada in toshe bakin bokitin. Na'urar kuma za ta yi aiki da kuran kaɗai har sabo ya zo.

Ban tuna ko na yi masa sallama ba. Kalmomi uku ke yawo a kaina: matsewa, hudawa, rana. Duk ukun sana'ar Baba ce.

Na koma biro da sauri, tebur wayam. Maigadi ya ce ai Ɗan Talata ya ɗauka tun ɗazu, ya ce zai kai garaji ya yi mini gyara kafin in dawo. Innalillahi! Garajin namu rumfa ce ta zana a bayan kasuwa, a nan ake ajiye tanonin isansi, man fetur na fita daji. Na cire takalma na riƙe a hannu. Rairayin Gure da tsakar rana ba ya raga wa kowa, amma da takalmi ba na iya gudu a cikinsa. Mata 'yan kasuwa suna ta kira, “Madam, lafiya?” Na wuce su da gudu. Abin da nake gani kawai hannun Baba, hannun da yake ci da iyalinsa da shi.

Na same shi a tsakiyar mutanensa, direbobi da masu faci da 'yan zaman shayi. Ya riga ya shanya batirin a kan murfin injin mota, ƙarfen da ko tafin hannu ba ya iya jurewa, yanzu kuma ya sauke shi ya ɗora a kan wata tsohuwar ƙafar mota ta ƙarfe. Yana tsugune. Hannun hagu ya riƙe ƙusa a kan tozon, guduma a dama. Tanonin isansi na bayansa, inda in ya miƙa hannu zai taɓa.

“Baba! Kada ka buga!”

Ya ɗago yana murmushi. “Ga uwar biro ba takalmi. Zo ki gani, sakiya zan yi masa, iskar ta fita, in daddanna shi ya koma daidai.”

“Wuta zai kama. Usmanu ya ce wuta zai kama a hannunka. Don Allah ajiye ƙusar.”

“Usmanu? Wannan yaron da bai iya canja taya ba?”

Mutanen suka bushe da dariya. Wani ya ce batirin mota ma Ɗan Talata ke buɗewa ya zuba ruwa, balle wannan ɗan abu. Na ga yadda dariyar ta yi masa daɗi, na san an gama. Mutum irinsa ba ya ajiye guduma a gaban jama'a don mace ta ce ya ajiye.

“Baba, na roƙe ka da girman Allah.”

“Matsa baya, ɗiyata, kada ya fesa miki wari.”

Ya gyara ƙusar, ya ɗaga gudumar.

Ban yi shawara da kowa ba, har da kaina. Na afka masa da kafaɗa, da dukan ƙarfina. Dattijon da ya isa ya haife ni, har ya yi jika da ni, ya faɗi rigingine cikin rairayi da baƙin mai, hularsa ta yi gefe, gudumar ta tashi ta bugi zana. Mai shayi ya tsaya da buta a sama.

Ban tsaya ba shi haƙuri ba, don batirin yana nan da zafinsa. Na daka wa mutanen tsawa su ja baya, kuma suka ja, ina jin don sun ɗauka na haukace ne. Na fisgi shebur ɗin da ake tone mota da shi in ta kafe, na zura a hankali a ƙarƙashin batirin, na ɗauke shi, na kai shi can gindin itacen bedi, nesa da rumfar. Na zazzage bokitin wankin mota, na zuba busasshen rairayi. Na tsaya daga nesa ina kallo ko zai yi huci ko hayaƙi. Sai da ya huce na liƙe bakinsa, na kwantar da shi a ciki, na rufa masa rairayi.

Da na waiwaya, Baba ya tashi. Yana kakkaɓe rigarsa. Bai zage ni ba, da ma ya zage ni. Ya ɗauki hularsa, ya dube ni, ya wuce.

Bokitin ya zauna a bayan biro, ƙarƙashin inuwa, na kifa masa tsohon kwano sama-sama don awaki. Kullum safe sai na leƙa. Na yi ta aiki da kuran kaɗai, in ya ɗauke abin da ban adana ba ya tafi, na koyi adanawa kowane layi. Aka shiga damina kafin Usmanu ya zo da sabo, ya tafi da tsohon a cikin gwangwanin rairayi. Ya hana mu barin na'urar a mota, ya ce mu daina barinta a jone dare da rana.

Batirin kuwa bai taɓa kamawa ba. Ko ɗan hayaƙi bai yi ba. To da me zan nuna wa Baba? A garaji labarin da ya zauna shi ne sakatariya ta kayar da Ɗan Talata a kan abin da bai fi tafin hannu ba. Usmanu ya yi masa bayani, ya saurara, ya ce, “Allah ya kyauta.” Na je gidansa na durƙusa, Yabawa ta sa baki, ya ce ba komai, ya yafe. Kuma na yarda ya yafe, don ba ya ƙarya. Amma daga ranar ya koma gaishe ni kamar yadda yake gaida baƙin Yamai, a tsaye, da ladabi, ba ƙari. Wallahi ya yi mini ciwo, har yau yana yi. Kuma in aka mayar da ni wannan rumfa, sai na sake ture shi.

Ya yi tuƙi har furojen ya ƙare, sannan ya koma Gamu ya sayi garka. Ranar da za mu rabu aka taru a biro, aka ce shi ne babba, ya yi mana addu'a. Ya ɗaga hannuwa, kowa ya sunkuyar da kai. Ni ban sunkuyar ba, ban ma ji abin da ya roƙa ba. Yatsunsa nake kallo, baƙaƙe, masu kaushi, ba wanda ya ɓace. Da aka shafa, ya bi mutane yana sallama, ya zo kaina ya ce, “Madam, a sauka lafiya.”

Na ce, “Amin, Baba.”