Kuɗin da ke da ranar tashi

Karatuna na boko ya tsaya a aji uku, ranar da malami ya gano ni ne ke sayar wa 'yan aji rake ta taga. Shi ya sa da 'yar ƙanena ta zo Makarfi ta ce ƙungiyarsu ta ɗalibai masu koyon zuba jari na son in yi musu jawabi a jami'a, sai na ce ta sake duba gidan da aka aiko ta.

"Kai ɗin dai, Baba. Shekara talatin kana ajiyar barkono da wake. Ka gaya mana abin da ke karya sabon shiga."

Na ce, "Wannan kam kun zo gidansa. Sau uku ina karyewa."

Muka zauna a zaure ina faɗa tana rubutawa. Sabon shiga ba ya saye sai farashi ya riga ya hau, har mai shayi na zancensa. Yana juye komai a kaya ɗaya. Yana manta kuɗin buhu, dako, hayar sito da la'adar dillali, sai ya ƙirga riba tun daga farashin saye. Na ce ta ajiye babban a ƙarshe: kada ka zuba kuɗin da ke da ranar tashi. Kuɗin makaranta, kuɗin haya, kuɗin taki, kowanne da ranarsa, kasuwa kuwa ba ta san ranar kowa ba. In ranar ta zo dole ka sayar, ko nawa aka taya.

Ranar taron na faɗi darussa ukun farko lafiya. Sai wani mai tabarau ya ce, "Alhaji, kai ba ka taɓa ci ba ne?"

Nan halina ya motsa. Na ba su labarin shekarar da na sayar da shanun huɗata, na kwashe barkonon Kurmin Kogi, farashi ya yi tashin gwauron zabi. Na kwaikwayi tafiyata a kasuwa bayan na sayar, har da gyaran hula. Ɗaki ya kaure da dariya. Tsohon da bai gama aji uku ba, 'yan jami'a na tafa masa! Ban gaya musu cewa ganganci ne Allah ya rufa asiri ba, ban kuma ce rumbuna cike yake a shekarar, ba wanda ke jirana da ranar biya ba.

Wata ɗaliba mai shuɗin hijabi ta ɗaga hannu. "Baba, idan mutum na da kuɗin da sai bayan wata huɗu zai buƙace su fa?"

Amsar na cikin aljihuna, a rubuce a ƙasan takardar da 'yar ƙanena ta ba ni. Amma dariyar ta yi mini daɗi. Na ce, "Wata huɗu, 'yata? Ai barkono ya haihu har ya yaye." Aka sake tuntsirewa, shugaban taro ya nuna agogo, aka raba lemo.

Bayan wata huɗu da 'yan kwanaki ina zaune a rumfata ranar kasuwa, barkono ya faɗi saboda kaya sun yi yawa, sai dillali ya zo da mai sayarwa. Shuɗin hijabin na fara ganewa. Ta durƙusa ta gaishe ni, har da tambayar iyali. Buhu shida ne. Ta saye su bayan jawabina, lokacin da farashi ke sama, da kuɗin rajistar da mahaifinta ya tara mata daga noman rake a Kudan.

Na ce, "Ki riƙe su, 'yata. Wataƙila ya farfaɗo nan da wata biyu ko uku."

"Jibi ake rufe rajista, Baba."

Na saya, na ɗora mata a kan farashin ranar gwargwadon ƙarfina, don ni ma kayana na kwance a sito. Ta duba kuɗin, ta ce bai kai na rajista ba, amma za ta nemi ciko. Ba ta ambaci jawabin ba. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Barkonon ya farfaɗo bayan wata uku. Ni da ba ni da ranar tashi na sayar da buhunanta da riba. Na ƙulle ribar a leda na ba 'yar ƙanena ta kai mata. Ta karɓa, ta aiko da godiya, amma cikon bai samu a kan lokaci ba, shekarar karatun ta riga ta wuce ta.

Takardar na nan a aljihun tsohuwar rigata. Ba na iya karanta ta sosai, amma na san layin da ke ƙasa.