Koriyar Rigar Ɗan Takara

Bayan dawowar mulkin farar hula, ina gyaran hotuna da kwamfuta a Gyaɗi-Gyaɗi. Wani ɗan takarar kansila daga Tarauni ya kawo hoton da ya ɗauka tare da ubangidansa na siyasa don a yi fasta, dukansu cikin shadda ruwan madara. Wai in mayar da tasa kaɗai koriya.

Ina taɓa kalar, rigunan biyu har da labulen bayansu suka koma koraye. Dole na bi gefen rigarsa da hannu, amma wajen kafaɗa na rasa iyakarta.

Ya ce, “Malam, ashe ba ka iya ba?”

Na ce, “Alhaji, yadda ka manne masa, kwamfutar ma ba ta san inda ka ƙare ya fara ba.”